Kafin ka gyara hoton ango da amarya, fara gyara sikirin ɗinka

Ƙannena masu ɗaukar hoton biki da waya a ƙauyukanmu, ƙorafin da za ku fi ji shi ne "a wayarka ya yi kyau, a tawa kuma fuskar ta yi fari fat." Mai ƙorafin ba ƙarya yake yi ba. Fayil ɗin ɗaya ne, lambobi ne a cikinsa daga 0, wato baƙi wuluk, zuwa 255, fari tas. Abin da ya bambanta shi ne fitilar da ke haska lambobin, kuma kowace waya da irin tata.

Ga yadda aikin ke lalacewa. An ɗaura aure da hantsi, ango cikin farar shadda mai aiki a wuya. Ka zauna gindin darbejiya da azahar kana gyara, cajinka saura kaɗan, wurin mai caji kuma sai an je bakin kasuwa, don haka ka kunna Battery Saver, wanda a wayoyi da yawa yake rage hasken sikirin. Rana ta cika maka ido, sikirin ya dushe, sai ka ga kamar fuskar ango ta yi duhu. Ka ja Exposure zuwa +1, wanda ninka hasken hoton ne sau biyu. A nan ka ga daidai. Da daddare ango ya buɗe a ɗaki, fatarsa ta koma toka-toka kamar mai shafa man bilicin, zanen shaddar da aikin wuyan duk sun narke sun zama farin fili. Wurin ya buga 255, kuma idan wannan kwafin kaɗai ka ajiye, babu abin da zai dawo da zaren. Akasin haka ma yana faruwa: mai gyara a ɗaki mai duhu da haske a ƙure yakan rage wa hoto haske, sai lallen amarya ya ɓace cikin duhun hannunta a wayar wasu.

Maganin farko, ka kashe Adaptive brightness ko Auto-Brightness, domin yana sauya haske kana tsaka da aiki ba ka sani ba. Ka ajiye hasken wajen rabi, ka zauna a inuwar ɗaki ko zaure inda rana ba ta dukan gilashin, kuma kullum wuri ɗaya. Rabi a wannan waya ba rabi ba ne a waccan, don haka gwada da farar takarda: buɗe farin shafi, ka kara takardar a gefensa. Idan sikirin yana kashe ido kusa da ita, rage shi.

Duk da haka ido na yaudara, histogram kuwa, wato jadawalin da ke nuna yawan duhu da hasken da ke cikin hoto, ba ruwansa da hasken sikirin. Yana nan a manhajojin gyaran hoto Lightroom da Snapseed. Hagunsa duhu ne, damansa haske. Idan ka ga tudu ya manne da bangon dama, shaddar ta ƙone, ka ja Highlights baya. Fuska kuma ka haska ta ita kaɗai da Selective ko Masking, kada ka ɗaga hoton gaba ɗaya saboda ita. Fatar mutanenmu ba a dama take zama ba, bai kamata a tura ta can da ƙarfi ba.

Sai launi. Eye Care, Eye comfort shield da Night Shift duk suna sa sikirin ya yi ɗorawa. Idan ka manta ɗaya a kunne, za ka yi ta ƙara shuɗi don fari ya fito, a wayar wani kuma fuskar ta fito kamar ta marar lafiya. Kashe su, har da True Tone a iPhone. A Samsung ka sauya Screen mode daga Vivid zuwa Natural, domin Vivid yana zuzuta ja da kore, sai ka rage launin da dama daidai yake. Wayar da aka taɓa sauya mata sikirin da mai araha kuwa, sau da yawa farinta yana karkata zuwa shuɗi, ban yarda a yanke hukuncin launin fata a kanta ba.

Wannan duk rage kuskure ne kawai, cikakken daidaita sikirin sai da na'urar auna launi, kuma ba ka da iko da wayar wanda za ka tura wa hoton. Don haka ka fitar da hoton a sRGB, tsarin launin da yawancin wayoyi ke ganewa, idan manhajar ta ba ka zaɓi, ka tura shi wata waya mai sikirin LCD, irin ƙananan Itel ko Tecno da suka fi yawa a hannun 'yan biki. Sikirin AMOLED, irin na manyan wayoyi, yana kashe haskensa gaba ɗaya a wurin baƙi, LCD kuwa fitilarsa na baya tana kunne, sai inuwa ta yi hazo. Duba abu uku a can: aikin wuyan riga, lalle, da goshi. In ukun sun fito a wayoyin biyu, tura wa mai shi ta Document a WhatsApp don kada a matse hoton.