Talata: mun zauna kan rabon aikin ranakun hutu

Yau sanyi ya hana mutane fitowa da wuri, sai wajen ƙarfe goma aka fara shigowa asibiti. Kafin azahar mun sallami kowa, ban da wata mai jego da muka kwantar tun jiya. Ganin haka na ce wa Anti da Sista mu zauna mu gama maganar da muke ta ɗagawa, wato wa zai tsare asibiti a ranakun hutun shekara mai zuwa.

Mu uku ne kaɗai muke karɓar haihuwa a wannan ƙaramin asibitin, kuma daga nan zuwa Ringim tafiya ce, musamman da dare. Naƙuda kuwa ba ta san hutu ba. Saboda haka kowace ranar hutu dole ɗayarmu ta wuni ta kwana a nan.

Tsarin da na tarar mai sauƙi ne. Sista Kirista ce, 'yar wajen Tudun Wada, ita ke riƙe duk bukukuwanmu, mu kuma mu riƙe nata. Kowa ya ji sai ya ce an yi adalci. Yau da muka ɗauko takarda muka lissafa, sai ga shi ba haka ba ne. Ƙaramar Sallah kwana 2, Babbar Sallah kwana 2, Maulidi kwana 1, duka 5 a kanta ita kaɗai. Nata kuwa Kirsimeti kwana 2 da Ista kwana 2, mu biyu muke rabawa, kowa 2. Ragowar ranakun ba su da mai su, duk wadda jadawalin mako ya faɗa wa shi ke nan.

"Anti, ba ma yawan ne ya dame ni ba," in ji Sista. "Ki tuna abin da ake kawowa ranar Babbar Sallah."

Gaskiyarta. Ranar layya ga wanda wuƙa ta yanka wajen fiɗa, ga samarin da suka faɗi a babur, washegari kuma yara masu gudawa. Mai ɗakin magani ya tafi gida, daga ita sai Baba maigadi. Ranar Kirsimeti a ƙauyen nan kuwa ba ta da bambanci da kowace rana, kuma ni da Anti ba abin da muke rasawa don mun zo aiki. Ashe ranakun ba nauyinsu ɗaya ba, ƙirga su kawai ba ya isa.

Sai muka jera su gaba ɗaya. Bayan waɗancan 9, akwai 1 ga Janairu, 1 ga Mayu ranar ma'aikata, 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya, 1 ga Oktoba, da 1 ga Muharram da gwamnatin jiha ta saba bayarwa. Jimla 14. In aka raba uku, biyu za su ɗauki biyar-biyar, ɗaya ta ɗauki huɗu.

Na ce kowa ta faɗi ranakun da ba ta so a taɓa mata. Ni da Anti muka ce ranar idi, ƙarama da babba. Sista ta ce Kirsimeti da Ista, ta ƙara da sabuwar shekara, saboda daren 31 ga Disamba a coci suke kwana, kuma in ta je gida ba ta son ta juyo a tsakiya ta sake biyan kuɗin mota. Babu inda buƙatun suka ci karo, sai muka fara da su. Sista ta ɗauki ranakun idi biyu da Maulidi. Ni na ɗauki 25 ga Disamba da Litinin ɗin Ista. Anti ta ɗauki 26 ga Disamba, Juma'ar Ista da 1 ga Janairu.

Inda aka ja shi ne washegarin Sallah. Mun yarda a sauke wa Sista su, ni ɗaya Anti ɗaya. Amma dukanmu washegarin Ƙaramar Sallah muke so mu yi aiki, don washegarin Babba ita ce ranar suyar nama, kuma mace mai gida ba ta barin wannan aikin a hannun yara. Anti ta ce ita ce babba, ga surukai suna zuwa mata. Na ce, "Anti, girmanki ne, amma in muka bi shekaru, har ki yi ritaya ni ce a nan duk ranar suya." Ta yi dariya ta ce ba ta yi musu ba. Muka kira Baba ya riƙe mana tsinke biyu, dogo da gajere. Gajeren ya faɗo mini, washegarin Babbar Sallah mai zuwa tawa ce. Ƙuri'ar ta wannan karon ce kawai, daga nan karɓa-karɓa ne, wata shekarar Anti za ta yi.

Ragowar huɗun ba wadda ta damu da su. Sista ta karɓi 1 ga Muharram, Anti 1 ga Oktoba, ni 1 ga Mayu da 12 ga Yuni. Lissafi ya tsaya ni 5, Anti 5, Sista 4. Da gangan muka bar mata huɗun, tunda ranaku biyu mafi wahala suna hannunta.

Wani abin da na nace a kai shi ne kada mu rubuta kwanan watan Bature a gaban Sallah. A littafin "ranar idi" da "washegari" muka sa. Babbar Sallah da sauƙi, da an ga watan Zulhajji an san ranar tun da sauran kwanaki. Ƙarama kuwa sai daren 29 ga Ramadan an ji sanarwar Sarkin Musulmi. Kuma hutun da gwamnatin tarayya ke sanarwa ba kullum yake dacewa da idin ba. A 2025 ranar Lahadi 30 ga Maris aka yi idi, hutu kuma aka ba da Litinin da Talata. Da kwanan wata muka bi, da ranar idin kanta ta faɗa kan mai aikin ƙarshen mako, ko wace ce. A 2024 kuma an ba da 9 da 10 ga Afrilu, da azumi ya cika talatin aka ƙara 11. Irin wannan rarar mun ce wadda take kan jadawalin mako ita za ta yi, a rubuta mata a matsayin bashi, a rage mata ɗaya daga ƙananan ranakun da ke gaba.

Duk wadda ta yi aikin hutu tana da kwana ɗaya na fansa, amma ta ci shi cikin wata guda, kuma ban da ranar awo da ranar rigakafi. Na ga inda aka bari ana tara su, mutum ya haɗa kwana shida ya ɓace a tsakiyar damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya cika ɗakin da yara. Musanya ma ba a hana ba, sai dai a rubuta a littafi su biyun su sa hannu. "Ai na faɗa miki a waya" ba ya tsare asibiti.

Muna tashi Malam mai ɗakin magani ya leƙo, ashe yana jin mu. Ya ce shi a ba shi ranakun hutun Mayu da Yuni da Oktoba duk ya zo ya taya, in dai za a bar masa kwana biyu ranar da ruwan shuka ya sauka. Na ce masa wannan ranar ta fi ganin wata wuyar sani, amma ya zo gobe da mai gwajin jini mu yi nasu lissafin, don su ma ba su taɓa samun tsari ba.

Da la'asar na kwafe jadawalin a babbar takarda na manna a bayan ƙofar ɗakin haihuwa, zan kai kwafi ɗaya sakatariyar ƙaramar hukuma ranar Alhamis tare da rahoton wata. Mai jegon ta samu sauƙi, jinin ya tsaya, gobe da safe za mu sallame ta in Allah ya yarda.