Abin da hamsin cikin ɗari ta ɓoye mini

Jumma'ar da ta wuce na kwashe kayana daga teburin sashen daidaita wasa, bayan shekara huɗu. Waɗanda muka zauna tare sun san batun Tururuwa da Giwa, amma ina so in faɗe shi da bakina, domin yadda aka faɗe shi a taro ba haka ya faru ba.

Tururuwa da Giwa ɓangarori biyu ne masu karawa a wasan yaƙi na kwamfuta da muka ƙirƙira, kuma ni na tsara su. Sojan Tururuwa zinare 50 ne, ransa 40, bugunsa 5. Na Giwa zinare 100, rai 80, bugu 10. Duka masu harbi ne, saboda haka na auna su da lissafin Lanchester, wanda ya nuna cewa ƙarfin rundunar maharba yana tafiya ne da yawanta sau yawanta, sannan a ninka da rai da bugu. Da zinare 1,000 za ka sayi Tururuwa 20 ko Giwa 10. A wancan gefen 400 sau 200, a wannan gefen 100 sau 800, duka 80,000. Kunnen doki. Da aka saki wasan kuma, nasarar Tururuwa ta tsaya a 50 cikin ɗari, na kai rahoto ina murna.

Ashe wannan hamsin ɗin gaurayen abu biyu ce. Wasa takwas cikin goma na sababbin hannu ne, kuma a wurinsu Tururuwa 45 take ci. Ragowar biyun na ƙwararru ne, inda take cin 70. Haɗa 36 da 14, ga hamsin ɗinka, alhali babu rukunin da yake jin daɗin wasan.

Sabon hannu yana shan kashi da Tururuwa ne saboda soja ashirin wahalar sarrafawa gare su. Sai su cunkushe a ƙofar gari, na gaba kaɗai ke harbi, igwa ɗaya ta share rabinsu, lissafina kuwa ya ɗauka kowa na harbi lokaci guda. Shi ƙwararre bai ma jira a kai zinare 1,000 ba. Barikin Tururuwa 100 ne, na Giwa 200, don haka a minti na uku yana ƙofar abokin karawarsa da soja shida, Giwa na da biyu. Wato 7,200 a kan 3,200, fiye da ninki biyu. Na daidaita farashi, na bar lokaci ba a auna ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gyaran farko. Ƙorafi ya yi yawa, maigidanmu ya ce yana son gyara kafin Litinin, ni kuma cikin gaggawa na rage ran sojan Tururuwa daga 40 zuwa 35. Harin minti uku ya sauka zuwa 6,300, har yanzu kusan ninki biyu, sababbin hannu kuwa suka ƙara faɗuwa. Wannan kuskurena ne, ban musa ba. Amma wata biyu kafin sakin wasan na nemi mako biyu na gwaji da ƙwararrun 'yan wasa, shi ya soke don kuɗi. A taron bai ambaci wannan ba ko sau ɗaya, sunana kawai aka ji.

Maganin ma tsoho ne. A wasan StarCraft na 1998, ɓangaren Zerg na samun ƙananan sojoji biyu da ake kira Zergling da ma'adini 50, kuma harin farko da su ya addabi mutane. A gyaran 1.08 na 2001 an ɗaga farashin Spawning Pool, ginin da sai an yi shi ake samun Zergling, daga 150 zuwa 200, wato an jinkirta zuwan harin. Haka na yi daga baya. Na mayar da rai 40, na ɗaga barikin Tururuwa zuwa 150, na ƙara masa lokacin gini. Harin ya makara da kusan daƙiƙa 40, kuma a wannan ɗan lokacin Giwa ta samu soja na uku. Tara sau 800 ya ba da 7,200, daidai da na shidan. Tururuwa ba ta rasa halinta na yawa da sauri ba, kuma abin da nake gudun ɓatawa ke nan tun farko, domin idan ka dinga aske bambanci har ɓangarorin suka yi kama, ba sauran dalilin yin biyu.

Ga wanda zai gaji kujerata: kada ka karɓi adadin nasara sai an raba shi gida-gida, ta ƙwarewa, ta tsawon wasa da ta taswira. Ka taɓa lamba ɗaya a kowane gyara don ka san wadda ta yi aiki. Idan an hana ka lokacin gwaji, ka nemi a rubuta maka.

Teburin lissafin da ke raba nasara minti-minti yana nan a cikin babban fayil ɗin sashe. Ni na gina shi da dare a gida, kuma na ji har yanzu shi maigidan yake buɗewa a taron Litinin.