Babban yatsan da ya ci mana miliyan ɗaya da rabi

Ni ke riƙe da wasiƙun wata ƙungiyar masu fataucin albasa a Tawa. Yawancin imel ɗinmu da Faransanci muke yin su, da masu saye na Abijan da Kwatano, da banki, da ofisoshin gwamnati. Abin da ya canja mini yadda nake kallon imoji a wasiƙar aiki ya faru ne a kan buhu 300, kuma har yau in na tuna raina yana sosuwa, don abu ne da jimla ɗaya za ta hana.

Wani mai saye na Abijan, wanda muka daɗe muna hulɗa da shi, ya rubuto ran Litinin: yana son buhu 300 na jar albasar Galmi a kan jikka 22, wato sefa dubu 22, kowane buhu, a yi lodi ran Alhamis ta mako mai zuwa. Shugaban ƙungiyarmu yana kan hanyar Madawa lokacin da saƙon ya shigo wayarsa. A Gmail akwai wata 'yar fuska kusa da wurin ba da amsa, wadda in ka taɓa sai ta ba ka imoji ka aika ba tare da ka rubuta komai ba. Ya taɓa, ya zaɓi 👍, ya mayar da waya aljihu. A nufinsa, ya gani, za a yi magana. Shi kuwa mai saye ba Gmail yake aiki da shi ba, saboda haka abin ya iso masa a matsayin imel mai zaman kansa, da sunan shugabanmu, da rana da sa'a, a ƙarƙashin saƙon da ke ɗauke da adadi da farashi da ranar lodi. Ya ɗauki hayar babbar mota, ya biya direba kafin alƙalami.

Lokacin ƙarshen damina ne, albasar da ke rudu, wato rumbun ajiyarta, ta fara ƙaranci, farashi yana hawa kusan kowace ranar kasuwa. Kafin motar ta iso, buhu ya kai jikka 27. Bambancin jikka 5 sau 300, sefa miliyan ɗaya da rabi ke nan.

Na ce wa shugaba, "Alhaji, ka amsa wa mutumen Abijan ne?" Ya ce, "Malam, ban rubuta masa ko harafi ɗaya ba." Gaskiya ya faɗa. Amma da na koma cikin tsofaffin saƙonni sai na tarar cinikayya biyu da suka gabata duk haka aka rufe su: mutumin ya faɗi farashi, Alhaji ya ɗaga yatsa, muka yi lodi. Nan ne bakinmu ya mutu. Mu da kanmu muka koya masa cewa yatsan Alhaji amincewa ne, to ta yaya za mu ce na uku ba haka yake nufi ba?

Wasu a ƙungiya sun ce ai ba a sa hannu a takarda ba, a bar shi ya je inda za shi. Ban goyi bayansu ba. Nijar da Kodebuwa duk suna cikin OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci na wasu ƙasashen Afirka, kuma dokarta ta kasuwanci ba ta sharɗanta rubutu ga cinikin kaya tsakanin 'yan kasuwa ba: ana iya ƙulla shi da baki, ana iya tabbatar da shi ta kowace irin hujja, kuma amincewa tana iya fitowa daga hali, ba lallai daga kalma ba. Irin wannan ta taɓa zuwa gaban alƙali a Kanada. A 2023 wata kotu a lardin Saskatchewan ta yanke cewa 👍 da wani manomi ya aika wa mai saye bayan an turo masa hoton yarjejeniya ta waya ya zama amincewa, aka ci shi diyyar fiye da dalar Kanada dubu 82. Shi ma cewa ya yi "na gani" kawai yake nufi. Abin da alƙalin ya dogara da shi sosai shi ne yadda suka saba rufe ciniki a baya da gajerun amsoshi. Hukuncin Kanada ba ya ɗaure kotun Nijar, amma hujjar tasa ita ce dai ke zaune a akwatin saƙonmu. Muka yi lodi a jikka 22, muka haɗiye asarar, muka riƙe mai sayen.

Tun daga nan na kafa doka ɗaya a ofis, kuma na fi tsananta ta a kan kowace: saƙon da ke ɗauke da kuɗi, ko adadi, ko rana, ko tambayar da amsarta i ko a'a ce, ba a amsa shi da imoji. In gani kawai aka yi, a rubuta "Bien reçu", a ƙara cewa za a ba da amsa kan farashi ran kaza, kuma wannan ba amincewa ba ce tukuna. In amincewa ce, a maimaita adadin da farashin da ranar a cikin amsar, sannan a sa "Bon pour accord". Maimaitawar tana da amfani na biyu: in ɗayanmu ya karanta 22 a matsayin 27, nan take ake kamawa. Rubuta wannan ba ya cin minti ɗaya ko a waya, ko kana cikin mota.

Ban hana imoji baki ɗaya ba, don hanin da ba a iya bi ba shi da amfani. Gwajin da nake yi shi ne in goge imojin a zuciyata in sake karanta saƙon. In ma'ana ba ta motsa ba, ba laifi. Abokin aiki ya turo jadawalin da na nema, na rubuta godiya da kalmomi na ƙara 🙏 a ƙarshe, babu abin da zai lalace. In kuwa gogewar ta bar saƙon ba amsa, ko ta juya shi, to imojin ne ke ɗauke da kayan, kuma ba ya iyawa. Shi 🙏 ɗin nan kansa, wani godiya yake karantawa, wani roƙo, wani amin. A ƙarƙashin tunatarwar bashi, wanda ake bi bashi yana iya ganin kana lallaɓa shi ne, ya ƙara mako biyu. Ga kuma matsalar na'ura: fuskar da ka zaɓa a Samsung ba ita ce sak ke fitowa a iPhone ba, tsohuwar waya tana iya nuna ɗan akwati fanko, kuma tsofaffin Outlook suna mayar da :) wata alama da ke isa wurin wasu a matsayin harafin J tsirara a ƙarshen jimla. A saƙon ta'aziyya ba na sa ko ɗaya. Mai dariya har da hawaye da mai kuka sun yi kama a ƙaramin allo, kuma wannan kuskuren ba a gyara shi da saƙo na biyu.

Alamar motsin rai, wato "!", ta fi sauƙi. Tana ƙara wa abin da ke gabanta ƙarfi ne, ko mene ne shi. Bayan barka da salla, ko murnar ƙarin girma, ko godiya ga wanda ya yi ƙoƙari, ɗaya ta isa kuma tana da daɗi. Bayan buƙata sai ta zama tsawa. "Muna jiran biyan" da aya tunatarwa ce. Da alamar motsin rai, mai karatu zai ji kamar ka tsaya a ƙofarsa kana ɗaga murya. Ina ƙyale ɗaya a imel guda, a gaisuwa ko a rufewa, ba a tsakiyar da ake maganar aiki ba. A layin take ba na sa ta sam. Masu rubuta "URGENT !!!" suna zaton suna gaggauta abu ne, alhali manyan haruffa da jerin alamomi suna cikin abubuwan da matatar saƙonnin banza ke lura da su, kuma ko saƙon ya tsira, ba ya gaya wa mutum yaushe ake bukatar amsa. Rubuta cewa ana son amsa kafin ƙarfe 12 na Laraba ya fi aiki nesa. Zuwa ga ma'aikatar gwamnati, ko duwan, ko banki, babu alamar motsin rai, babu imoji, ko da wanda zai buɗe saƙon abokin karatuna ne, don ana buga irin waɗannan a takarda a sa a fayil, wanda zai karanta bayan shekara ba shi ba ne.

Wannan maganar ta wa zai karanta daga baya ita ce ke hukunta raha ma. Mu a ƙasar nan wasan taubasantaka jininmu ne, har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014. Bagobiri ya shiga ofishin Bazabarme ya kira shi bawansa, a yi dariya, takarda ta fita da wuri. A baki wannan yana tafiya da murya da fuska, kuma kowa a ɗakin ya san wane ne wane. A imel babu ko ɗaya, ga mutane a layin Cc, ga kuma "Transférer" da ke kai shi wurin wanda bai taɓa jin labarin wasan ba. Wani mai kula da sufurinmu, Bagobiri, ya taɓa buɗe saƙo da irin wannan zolayar ga takwaransa a Yamai. Shi wancan ya ji daɗi, ya tura saƙon gaba saboda lissafin da ke ƙasa, ya isa hannun wata baƙuwa mai binciken kuɗi, ta karanta kalmar bawa a wasiƙar aiki ta nemi bayani a rubuce. Ba a yi asarar kuɗi ba, amma an ɓata yini ana fassara abin da yaron goye ya sani a Tawa.

Raha tana wucewa lafiya in ta cika sharuɗɗa uku a tare: kun saba har ka san yadda yake dariya, ku biyu ne kawai a saƙon, kuma abin dariyar kai ne ko abin da ya dame ku duka, kamar zafin watan Afrilu ko wutar da ta ɗauke ana tsakar aiki. Ba ta shiga saƙon da ke da ƙorafi, ko jinkiri daga wajenmu, ko ƙin buƙata. Wanda motarsa ta kwana uku a Ƙonni tana jiran takardunmu ba ya son barkwanci, zai ɗauka ba mu san girman abin ba. Zuwa ga na sama kuma, ina jira shi ya fara, in ya fara ma ina tsayawa ƙasa da inda ya kai: ya sa fuska uku, ni in sa ɗaya ko in bar shi da kalma mai daɗi.

Wannan jiran na sama ya fara yana da iyaka, kuma nan ne aka fi yi mini gardama. Matasan ofis suna cewa ai mutumen Abijan ɗin shi ma yana turo mana 👍, me zai hana mu. Yanzu in ya turo a kan farashi ko ranar lodi, ba na ɗauka a matsayin amsa. Ina rubuta masa layi biyu: na ga alamarsa, ina so ya tabbatar da kalmomi cewa buhu kaza ne a farashi kaza ran kaza, kuma ba za mu ware kaya daga rudu ba sai tabbacin ya iso. Sau da yawa yakan amsa cikin sa'a guda. Akwai ranar da ya amsa cewa a dakata, bai gama magana da mai motar ba.