Wata biyu da littafi da biro, kafin a taɓa kuɗin manhaja

Shagona ƙarami ne, yana nan cikin garin Sakkwato, mu uku ne a ciki. Muna haɗa wa 'yan kasuwa da makarantu shafukan intanet, wani lokaci kuma manhajar waya. Rabin masu shigowa wurina da zancen manhaja ba su da kasuwanci tukuna, tunani ne kawai suka zo da shi, da kuɗin da suka tara ko suka ranto. A farkon sana'ata na taɓa karɓar irin wannan kuɗi, na yi aikin kamar yadda aka ce in yi, manhajar ta hau, ba ta ko shekara ba mai ita ya daina biyan kuɗin riƙe ta. Abin ya daɗe yana ci mani rai, domin tambayoyin da ya kamata in yi masa tun ranar farko ban yi su ba. Daga lokacin na sauya yadda nake karɓar aiki.

Wani ƙanen abokina ya zo mani bayan ya gama hidimar ƙasa. Yana da naira miliyan ɗaya da rabi, mafi yawansu na gado ne. Tunaninsa shi ne manhajar cika tukunyar gas: uwargida ta danna a waya, a zo a ɗauki tukunyar, a cika, a maido mata. Ya zana fuskokin manhajar a takarda har guda tara, ya ma zaɓi launi.

Ya ce, "Yaya, nawa za ka yi mani wagga? Duk wanda na gaya wa sai ya ce ta yi kyau."

Na tambaye shi mutum nawa cikin waɗanda suka ce ta yi kyau suka ba shi tukunyarsu. Babu ko ɗaya. A nan na ce masa ya ajiye kuɗinsa a banki, mu fara da abin da ba zai wuce naira dubu ashirin ba. Yabon da ɗan'uwa ko aboki ya yi wa tunaninka ba ya nuna komai, saboda a garinmu ba a son kashe wa mutum gwiwa a gabansa. Shaidar da nake yarda da ita ita ce wanda bai san ka ba ya miƙa maka kayansa da kuɗinsa, sa'an nan ya sake kiran ka a karo na biyu.

Abin da na sa shi ya yi ga shi. Ya sayi sabon layi ya buɗe WhatsApp Business a kai. Ya buga takardar talla guda 200 da lambar, ya raba a unguwar Mabera kaɗai, domin in ya watsa ta har Arkilla da Runjin Sambo kuɗin zirga-zirga zai ɓoye masa gaskiyar lissafi. Ya yi magana da mai shagon gas ɗaya da ɗan kabu-kabu ɗaya. Sai littafi mai layi, kowane kira ya rubuta rana, unguwa, girman tukunya, abin da aka biya, abin da ya kashe, da mintunan da aikin ya ci. Duk abin da manhajar za ta yi, shi zai yi da hannunsa. In aikin bai tafi ba alhali mutum ne ke amsa kira yana lallashin abokin ciniki, to manhaja ba za ta tafiyar da shi ba.

Satin farko ya koya masa abubuwan da babu su a cikin takardunsa tara. Na farko kwatance. A zanensa akwai gurbin rubuta lambar gida da sunan titi, amma duk wanda ya kira sai ya ce bayan masallacin Juma'a, lungu na biyu, gida mai baƙin ƙofa kusa da mai shayi. Da ya roƙi a turo masa wurin da ake ta taswirar WhatsApp, mutum ɗaya cikin huɗu ne ya iya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai haɗa manhaja, domin sashen taswira da bin sawun mai babur na cikin sassan da suka fi cin lokaci da kuɗi, ga shi mutanen da aka yi dominsu kira za su yi ta yi. Na biyu, matan aure da yawa ba su fitowa su yi ciniki da baƙon namiji a ƙofa, sai an jira yaro ya dawo daga makaranta ko maigida ya dawo daga kasuwa. Na uku kuwa amana: wata ta ce an rage mata gas, wata ta ce ba tukunyarta aka maido ba. Ya sayi ma'aunin ratayawa, ana auna tukunyar a ƙofar gida kafin a tafi da ita da bayan an dawo, ya kuma riƙa rubuta lamba da alƙalamin fenti a jikin kowace. Ƙorafin ya tsaya.

Bayan kwana 28 ya kawo littafin muka zauna. Mutum 61 sun yi magana da lambar, 27 suka ba da tukunya, aiki ya kama 34 gaba ɗaya. Ya ji daɗin wannan adadi, ni ma na ji, domin mutane 27 da ba danginsa ba sun biya. Sai muka shiga lissafin tukunya ɗaya. A lokacin, cika mai kilo 6 yana kamawa naira 7,200, yana ɗora 800 kuɗin kaiwa da kawowa, jimla 8,000. Ɗan kabu-kabu na karɓar 600, tunda zuwa biyu ne, ɗauka da maidowa. Katin kira da data na cin kamar 50. Mai shagon gas na ba shi ladar 100. Abin da ke rage masa naira 250 ne a kowace tukunya.

Daga nan na kawo masa ɓangaren da masu sabon tunani ba su cika sani ba. Kuɗin da kake ba mai haɗa manhaja na ginawa ne kawai. Bayan an gina akwai hayar saba, wato kwamfutar da ke riƙe bayanan kowa a intanet, akwai kuɗin saƙon tes na tabbatar da lamba, akwai gyara duk sanda wani abu ya lalace ko Android ta fito da sabon tsari. Na ƙiyasta masa naira 60,000 a wata, kuma ban tsawwala ba. Ka raba 60,000 da 250, sai ka sami 240. Tukunya 240 ke nan a wata, takwas a kullum, kafin manhajar ta iya ciyar da kanta, ba a zo maganar maido da miliyan ɗaya da rabi ba, balle abin da zai sa a bakinsa. Shi kuwa 34 yake da su.

Yana son a riƙa biya da kati a cikin manhajar. Lokacin da muka duba, Paystack, kamfanin da ke karɓar biyan kuɗi ta kati a intanet, na cire kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100 a kan kuɗin da ya haura 2,500. A kan 8,000 ya kama 120 da 100, wato 220. Cikin ribarsa ta 250 saura 30. Kuɗin cirewar ana lissafa shi ne a kan dukan abin da aka biya, har da kuɗin gas ɗin da ba nasa ba, shi ya sa ya cinye ribar. A gwajin kuwa kusan kowa hannu da hannu ya biya ko ya tura ta banki. Na kuma gaya masa cewa buɗe asusu a Google Play dala 25 ne sau ɗaya, na Apple dala 99 kowace shekara, kuma sabon asusun mutum ɗaya a Google Play sai an yi gwajin sirri na kwana 14 da mutane aƙalla 12 kafin a bari manhaja ta fito fili. Waɗannan ƙananan abubuwa ne, na faɗa masa don kada su zo masa ba zato.

Abin da ya fi damuna ba kuɗin ba ne. Gidan da ya cika tukunya yau ba zai sake nema ba sai bayan sati huɗu ko shida. Manhajar da ake buɗewa sau ɗaya a wata ita ce ta farko da ake gogewa ranar da waya ta ce ta cika, kuma wayoyin mutanenmu kullum a cike suke da hotunan biki da karatun malamai. WhatsApp kuwa ba wanda ke goge shi. Don haka na ce ya ƙara wata ɗaya, mu ga su wa za su dawo.

Ya ɗan yi shiru, ya ce, "Yaya, kenan ba ka yi mani?"

Na ce masa, "Ƙanena, in ka matsa zan iya yi maka ita cikin wata uku, kuma za ta yi aiki. Amma littafinka ne ke cewa ka dakata, duba nan." Na nuna masa cewa cikin aiki 34, gidaje 23 sau ɗaya ɗaya suka kira. Sauran 11 ɗin daga mutum huɗu suka fito: masu sayar da abinci biyu, mai shayi, da wata mai tuyar masa. Su manyan tukwane suke cikawa, masu kilo 12.5, gas ɗinsu na ƙarewa ana tsakiyar hidima, kuma barin wurin sana'a asara ce gare su. Biyu daga cikinsu ƙaramar waya ce a hannunsu, wadda ba ta ɗaukar manhaja kowace iri.

A wata na biyu gidaje 16 cikin 23 suka dawo, abin da ya nuna hidimar tana da masu so. Amma ƙarfinsa ya koma kan masu abinci. Ya ciri wani abu daga kuɗinsa ya sayi tukwane shida masu kilo 12.5, yana ajiye su a cike. In mai abinci ta kira, a kai mata cikakkiya a ɗauko fankon, zuwa ɗaya maimakon biyu, kuma su ba su damu da musanyar tukunya ba yadda matan gida suka damu. Kuɗin kabu-kabu ya sauko zuwa 350. Ni abin da na yi masa shi ne jadawali a Google Sheets, yana rubuta ranar da kowa ya cika, jadawalin na nuna masa wanda gas ɗinsa ya kusa ƙarewa, sai ya kira shi tun kafin a neme shi. Aikin yini ɗaya ne, kuma kuɗin yini ɗaya na karɓa.

Mun yi alkawari cewa zai dawo da zancen manhaja ranar da aiki ya kai goma sha biyar a kullum, masu babur suka kai uku, har ya fara mance kira ko ya aika tukunya gidan da ba shi ba. Ko a ranar ma, wadda zan fara haɗa masa ta masu babur ce, ta raba musu aiki, abokan ciniki su ci gaba da kira yadda suka saba. Jiya da ya biyo ta shago ya ce yana kan tara zuwa goma a kullum, kuma ya ɗauki ɗan kabu-kabu na biyu.