Wata huɗu ina gadin farashin keken ɗinki

A watan Fabrairun 2024 na yanke shawarar sayen keken ɗinki na lantarki. Ina zaune a Leicester, a Ingila, kuma duk wanda ya taɓa kai atamfa wajen tela a ƙasar nan ya san kuɗin ɗinki kan fi kuɗin yadin. Na iya ɗinki tun ina gida, keken ne kawai ba ni da shi. Wanda raina ya kwanta da shi na gan shi a Amazon na Birtaniya a kan fam 229, an rubuta 279 a gefe an soke da layi. Saura kaɗan in biya a daren, domin a ganina ragin fam hamsin ba abin wasa ba ne. Wata abokiyar aikina ce ta tsayar da ni washegari, ta ce kada in yarda da lambar da aka soke sai na ga tarihin farashin da idona.

Ita ta nuna mini Keepa. Ƙaramar manhaja ce da ake liƙa wa burauza, Chrome ko Firefox ko Edge, a kwamfuta. Da zarar an saka ta, duk shafin kaya da ka buɗe a Amazon sai wani zane ya fito a ƙarƙashin hoton kayan, yana nuna yadda farashin ya hau ya sauka. Layi mai ruwan lemo shi ne farashin da Amazon da kansa yake sayarwa. Shuɗin layi, wanda aka rubuta wa New, shi ne mafi arhar farashin sabon kaya daga duk masu sayarwa a dandalin, baƙi kuma na kayan da aka yi amfani da su ne. A gefen dama akwai inda za ka zaɓi tsawon lokacin da kake son gani. Na danna Year, sannan na danna All.

Abin da na gani ya sa na zauna sosai. A cikin shekara guda keken bai taɓa fam 279 ba sai na 'yan kwanaki ƙalilan. Wannan lambar farashin da kamfanin da ya ƙera shi ya ba da shawara ce, ba abin da mutane suke biya kullum ba. Yawancin lokaci yana yawo ne tsakanin 215 da 235. Wato 229 ɗin da na ɗauka garaɓasa ce, farashinsa ne na yau da kullum. Sau uku a shekarar ya faɗo zuwa tsakanin 184 da 189, kowane karo bai wuce kwana biyu zuwa huɗu ba ya koma sama. Can baya kuma, kusan shekara biyu, akwai wani rami guda siriri inda ya taɓa 169 na yini ɗaya.

A nan na yi kuskurena na farko, kuma shi ya fi cin mini lokaci. Kusa da zanen akwai wurin da aka rubuta Track product, inda za ka sa farashin da kake so, a aiko maka saƙo idan kayan ya kai shi ko ya yi ƙasa da shi. Ni kuwa sai na rubuta 150. Ban samo lambar daga zanen ba, daga aljihuna na samo ta: abin da nake jin zan iya fitarwa ba tare da na ji a jikina ba. Mako shida ina jira, shiru. Azumi ya kama, Ƙaramar Salla ta zo ranar 10 ga Afrilu, kayan yarana biyu na kai wa tela na biya fam 70. Da na koma na buɗe zanen bayan Salla sai na ga a ƙarshen Maris keken ya sauko 188 har kwana uku. Manhajar ba ta yi laifi ba, abin da na ce mata ta yi. Keken da bai taɓa sauka ƙasa da 169 ba a duk tarihinsa, ni na ce sai 150, ko shekara zan yi ba abin da zai zo.

Daga nan na koyi yadda ake fitar da lambar. Ba mafi ƙanƙantar farashin da aka taɓa gani ake bi ba, domin sau da yawa irin wannan ramin guda ɗaya ne tilo, mai yiwuwa ragowar kaya aka kakkaɓe ko ragin 'yan sa'o'i ne da ba zai dawo ba. Abin da ake nema shi ne ƙasan da farashin yake komawa a kai a kai. A nawa keken, ramuka uku ne a 184, 186 da 189. Sai na ɗora kaɗan a kan mafi girmansu na rubuta 190, saboda in na sa 185 zan rasa biyu cikin ukun saboda fam ɗaya ko huɗu. Na kuma ƙirga tazarar da ke tsakaninsu, na ga kusan wata uku zuwa huɗu ce. Wannan ya ba ni abin da ban da shi a da, wato sanin tsawon jiran da ke gabana, har in iya tambayar kaina ko zan jure shi.

Na ƙara da CamelCamelCamel don in sami shaida ta biyu. Shi shafi ne, yana da tasa manhajar burauzar mai suna The Camelizer, kuma ya raba farashi gida uku: Amazon, 3rd Party New, da 3rd Party Used, wato na Amazon da kansa, sabon kaya daga sauran 'yan kasuwa, da wanda aka yi amfani da shi. Abin da nake so game da shi shi ne yana rubuta maka mafi tsada, mafi arha da matsakaicin farashi a fili, ba sai ka tsura wa layuka ido ba. A can ma na sa 190.

Wajen liƙa adireshin kayan ne na lura da wani abu. Kowane kaya a Amazon yana da lambarsa mai haruffa goma da ake kira ASIN, tana zuwa bayan /dp/ a adireshin shafin:

```
amazon.co.uk/dp/B0XXXXXXXX
```

Keken nan iri biyu ne a shafi guda, akwai shi kaɗai, akwai kuma wanda aka haɗa da faffaɗan teburi da ƙarin ƙafafun ɗinki. Da ka danna ɗayan sai lambar ta canza, tarihin farashin ma ya canza. Manhajar lambar take gadi, ba sunan kayan ba. Na duba sau biyu na tabbatar wanda nake so ne na sa wa ido, domin da launi ko girma ko haɗin kaya ya bambanta, wani kayan ne daban a wurinta.

A tsakiyar Mayu saƙo na farko ya shigo: fam 172. Gabana ya faɗi don murna, na buɗe shafin ina tsaye a kicin. Sai na ga ba layin ruwan lemo ne ya sauka ba, shuɗin ne. Ƙarƙashin maɓallin saye, inda aka rubuta Dispatches from da Sold by, sunan wani ɗan kasuwa ne da ban taɓa ji ba, wanda bai daɗe da buɗe shagonsa ba, masu ba da shaida a kansa ba su kai ashirin ba. Kuɗin kawowa fam 24 ne daban, kuma sai bayan mako uku. In ka haɗa, 196 ke nan, ya ma fi abin da nake jira. Lambar da ta tayar da saƙon ba ta haɗa da kuɗin kawowa ba. Maigida ya leƙo ya karanta, ya ce, “Maman Aisha, keke abu ne mai nauyi, in ya zo da matsala wa za ki mayar wa?” Na rufe shafin, na koma cikin saitin Keepa, inda kowane layi yake da akwatinsa na sa farashi, na goge lambar da ke akwatin New, na bar ta a akwatin Amazon kaɗai. Ba don duk 'yan kasuwar dandalin ba su da gaskiya ba, akwai nagartattu da yawa. Amma ga kaya mai inji wanda nake son garantinsa ya tsaya da ƙafarsa, na fi son kada a tashe ni a kan farashin da ba zan saya ba.

Akwai kuma abin da saƙon ba ya gani sosai. Wani lokaci ragin ba a jikin farashin yake ba, wani ɗan akwati ne a shafin da za ka danna a cire maka kuɗi wajen biya. Layin zai nuna 205 alhali abin da zai fita daga aljihunka 190 ne. Don haka duk ranar Asabar nakan leƙa shafin da kaina, minti ɗaya ya isa.

Sai batun inda saƙon yake sauka. Da farko imel kawai na zaɓa, kuma ni ba mai duba imel ba ce sai dare, wasu ma suna faɗawa cikin tarin tallace-tallace. Manhajojin nan ba kowace daƙiƙa suke leƙa farashi ba, akwai ɗan jinkiri tun daga wajensu, in ka ƙara naka jinkirin a kai ragi na 'yan sa'o'i zai wuce ka. Keepa tana iya aiko da saƙo ta Telegram, sai na haɗa su, na bar wa wannan saƙon ƙara ko da na kashe sauran. Na kuma ajiye keken cikin kwandon saye, adireshi da kati duk a shirye.

Babbar Salla ta zo 16 ga Yuni ban samu ba tukuna, amma wannan karon na san dalilin jirana. Kwana tara bayanta, da misalin ƙarfe bakwai na safe ina shirin fita aiki, waya ta yi ƙara: 186. Na buɗe, na duba Sold by, na duba lambar ASIN, na tabbatar babu kuɗin kawowa, na biya kafin in sa takalmi. Wata murya a zuciyata ta ce in jira Prime Day, ranakun babban ragin da Amazon ke yi, tunda saura mako uku, ranar 16 da 17 ga Yuli. Ban saurare ta ba, saboda a zanen shekarar da ta gabata ban ga keken ya motsa a Yuli ba. Na bar gadin a kunne don in gani, kuma a waɗannan kwana biyun yana nan a 219.

In aka yi lissafi tsakani da Allah, fam 43 na rage a kan farashin daren farko, amma na biya tela 70 a Ƙaramar Salla, ban da na Babba. Da na karanta zanen yadda ya kamata tun Fabrairu na sa 190, da keken ya shigo gidana a ƙarshen Maris a kan 188, kwana goma sha wani abu kafin Salla, na ɗinka kayan yaran da hannuna.

Yayata da ke Kano ta ji labari ta ce in duba mata injin saƙar gefe, tunda wutar nan da ta gida duk ɗaya ce kuma filogin mai ƙafa uku ne. Na ce, “Yaya, ba ni kwana biyu in ga tarihinsa tukuna.” Nata ramukan biyu ne kacal a shekara, ɗaya a ƙarshen Nuwamba, ɗaya a Maris. Na gaya mata tun daga farko cewa jiran zai kai wata biyar, kuma canjin fam zuwa naira a cikin watannin nan zai iya cinye ragin ko ya ƙara shi, abin da babu manhajar da ke nuna shi a zanenta. Ta ce ta ji, in sa lambar. Na sa fam biyu a saman rami mafi tsada, a akwatin Amazon kaɗai.