Awa 48 kafin baƙin dayis: abin da aikin gyaran gashi ya koya min

A shagon gyaran gashi da ƙunshi da nake riƙe da shi a Birnin Kebbi, babu dokar da ke jawo min gardama da masu zuwa kamar ta gwajin fata kafin a shafa baƙin dayis. Mace za ta zo ana gobe biki, furfura ta leƙo a gaban goshi, tana so a rufe ta yanzu yanzu, ni kuma in ce sai an ɗiga mata kaɗan a fata an jira kwana biyu. Wasu sukan yi fushi su tafi wani shagon. Ina jin zafin rasa cinikin, amma na ga abin da wannan rini yake yi wa jikin da ya ƙi shi, kuma ban yarda ya faru a hannuna ba.

Sinadarin da ake gudu shi ne wanda ake taƙaita sunansa da PPD. A jikin kwali za a ga an rubuta p-Phenylenediamine a jerin abubuwan da aka haɗa. Shi ke sa rini ya yi baƙi wuluk ya kuma kama gashi ya daɗe, don haka yana cikin mafi yawan dayis mai duhu da ake gaurayawa da ruwan haidurojin. A ƙasashen Tarayyar Turai an ƙayyade kada ya wuce kashi 2 cikin ɗari bayan an gauraya rinin gashi, kuma ba a yarda a yi zane da shi a fata ba. Baƙin lallen da muke zana wa amare a hannu da ƙafa kuwa ba shi da wannan iyaka. An taɓa auna irinsa aka sami PPD sama da kashi 15 cikin ɗari, ga shi a kan fata kai tsaye ake ɗora shi. Lallen gargajiya na ganye ja yake bayarwa, kuma sai an kwana ko an ɗauki awanni da shi. Duk lallen da ya yi baƙi cikin rabin awa, an ƙara masa wani abu.

Abin da ya fi wuyar fahimta, har ga mu masu sana'ar, shi ne cewa illar ba ta fitowa nan take. Ranar farko da PPD ya taɓa fata, sau da yawa babu abin da ake gani. A ɓoye garkuwar jiki take haddace shi, ta ɗauke shi abokin gaba. Wata sai ta shekara goma tana rini lafiya lau kafin jikinta ya juya. Wata kuma zane ɗaya na baƙin lalle ya isa, sai bayan mako ɗaya zuwa biyu ta ga zanen ya taso ya kumbura daidai yadda aka zana furen. Daga ranar da jiki ya haddace shi, ba ya mantawa har ƙarshen rayuwa, kuma duk haɗuwa ta gaba takan fi ta baya muni. A lokacin ne illar ke fitowa tsakanin kwana ɗaya zuwa uku. Wannan jinkirin shi ne dalilin awa 48. Gwajin minti goma da wasu ke yi kafin su fara shafawa ba ya nuna komai game da irin wannan rashin jituwa. Haka ma maganar "ai na saba da shi" ba ta zama hujja a wurina.

Ga yadda nake yin gwajin. Da farko ina karanta takardar da ke cikin kwalin, domin kamfanoni sun bambanta: wasu suna cewa a shafa ruwan launin shi kaɗai, wasu suna cewa a gauraya shi da haidurojin, wasu a bar shi har awa 48 ba wanki, wasu a wanke bayan kamar minti 45 a ci gaba da lura. Abin da takardar ta ce shi nake bi, kuma da ainihin rinin da za a shafa nake gwadawa, samfurinsa da lambar launinsa. Idan za a gauraya, ina ɗibar ɗan kaɗan daga kowace kwalba a murfin roba, in rufe sauran da kyau, don abin da aka riga aka gauraya ba ya ajiyuwa. Sai in shafa da auduga a fili kamar faɗin farcen babban yatsa, a fata mai tsabta wadda babu mai a kanta, in bar shi ya bushe ba tare da filasta ba.

Wurin shafawa ma sai da na yi masa tunani. Takardun sukan ce bayan kunne ko lanƙwasar gwiwar hannu, alhali mu nan sau biyar a rana ruwan alwala yake bi ta wuraren nan. Shi ya sa, idan rinin na a bari ba wanki ne, nakan ɗan haura sama da gwiwar hannu, ta cikin damtse, inda ruwa ba ya kaiwa. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin garin nan yake haura digiri 40, gumi kan kwashe rinin kafin ya bushe, don haka sai ta zauna gaban fanka tukuna. Akwai kuma tambayar da dole in yi a keɓe: ko tana shafa man bilicin. Da yawansu suna ɗauke da sitiroyid, maganin da ke danne kumburin fata, kuma yana iya ɓoye sakamakon ya nuna lafiya alhali ba lafiya ba.

Sannan karanta sakamakon. Takardun suna cewa a duba ja, amma a baƙar fata ja ba ya fitowa sosai. Wurin yakan ƙara duhu ne, ko ya yi shuɗi shuɗi, ga shi tabon rinin kansa ya rufe shi. Na koyi yin amfani da yatsa fiye da ido. Ina shafa wurin in kwatanta da ɗaya hannun: ya tashi? ya yi kauri ko ɗumi? akwai ƙananan ƙuraje kamar na zafi? Sai in tambayi ƙaiƙayi, wanda shi ne yakan riga komai zuwa.

Wata Hajiya daga Jega ta zo ranar Talata, ɗaurin auren ɗiyarta Asabar. Ba ta taɓa rina kanta ba. Kafin in buɗe kwali na tambaye ta ko baƙin lalle ya taɓa ba ta matsala. Ta ce a'a, sai dai ta tuna wani biki da ƙafarta ta yi ɗan ƙaiƙayi, ta ɗauka sauro ne. Babu tabo, ba ta kuma tabbatar ko lallen baƙi ne ba, don haka muka yi gwaji a damtsen hagu. Ranar Laraba da safe babu komai. Da daddare ƙaiƙayi ya hana ta barci, ta wanke wurin kamar yadda na gaya mata. Ranar Alhamis da ta dawo, filin da bai wuce farce ba ya faɗaɗa ya kusa rabin tafin hannu, ya yi tudu, da ƙananan ƙuraje masu ruwa a kai.

Ta ce, "Ɗiyata, to a sa min kaɗan mana, a gaban goshi kawai, a wanke da wuri."

Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Ɗigo ɗaya ne ya yi wannan. In ya hau kanki, ranar Asabar ba za ki iya buɗe ido ki ga amarya ba."

Ba tsoratarwa na yi ba. Idan aka shafa wa mai irin wannan jikin a kai, fatar kan takan yi ƙaiƙayi da zafi, ta tsattsafo da ruwa har gashi ya manne, ya bushe ya yi ɓawo. Gefen goshi, saman kunnuwa da ƙeya sukan fi kan kansa nunawa. A kwana na biyu ko na uku kumburi yakan sauko fuska, fatar ido ta cika har idon ya rufe. Bayan an warke, a fatarmu yakan bar baƙin tabo ko fari na watanni, mai jikin da ke yin tabo mai tudu kuma yana iya samunsa. Hajiya ta je asibiti aka ba ta man shafawa na sitiroyid da maganin ƙaiƙayi, muka yi mata jan lalle na ganye a kai bayan na daka shi da kaina, furfurar ta koma ja mai kyau a ƙarƙashin ɗaurin ɗankwali.

Akwai wani nau'in da ba ya jira, ko da yake ba kasafai ake ganinsa ba. Cikin mintuna zuwa awa ɗaya sai borin jini ya feso a jiki, leɓe ko harshe ya kumbura, murya ta shaƙe, numfashi ya yi wuya, jiri ya ɗebi mutum. Wannan ba na man shafawa ba ne, ba kuma na jiƙe-jiƙe ba. A zuba ruwa a wanke rinin, a nufi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa nan take, a tafi da kwalin, domin allurar adirenalin ake buƙata.

Gwajin yana da iyakarsa, kuma nakan faɗa wa kowa. Fitowarsa lafiya yana rage haɗari ne, ba ya kawar da shi, kuma sakamakon wannan wata ba ya amfani a wata mai zuwa, kowane rini da gwajinsa. Shi kansa gwajin haɗa fata ne da PPD, shi ya sa akwai waɗanda ba na gwada su sam. Duk wadda rini ya taɓa kumbura mata kai ko fuska, ko baƙin lalle ya taɓa tashi a fatarta, maganar dayis ta ƙare, likitan fata nake tura ta. Su suna da gwajin da ya fi namu: PPD kashi 1 cikin ɗari a cikin man basilin, a manna a gadon baya, a cire bayan awa 48, a sake dubawa a kwana na uku ko na huɗu. Da Hajiya ta nuna min tabo a ƙafarta ranar Talata, da ko auduga ban ɗauko ba. Ba na rina kan da ke da ƙuraje, makero, ciwo ko ƙunar man saki gashi, sai ya warke sarai. Ba na rina yarinyar da ba ta kai shekara 16 ba, ba na kuma kai dayis gira ko gashin ido. Garin rinin da ake saidawa a ƙulle a leda, ba suna ba jerin sinadarai ba lambar NAFDAC, ba ya shiga shagona. Dayis ɗin da ke shagon ma a sama yake a kulle, saboda shan PPD yana kumbura wuya ya toshe numfashi ya lalata ƙoda, kuma yara suna shigowa da iyayensu.

Masu wannan matsala sukan dawo da kwalin da aka rubuta babu PPD, suna murna. Sai in juya bayansa in nemi Toluene-2,5-diamine, ɗan uwansa na kusa, wanda jikin da yawa daga cikinsu yake ƙi kamar yadda ya ƙi na farkon. Ina kuma ce musu su sanar da likita ko mai ba da magani duk lokacin da suka je, don wasu magungunan kashe zafi na shafawa irin su benzoken, da magungunan salfa, da rinin wasu baƙaƙen tufafi, suna iya tayar da irin wannan ƙaiƙayi.

Yaran da nake koya wa aiki su ne suka fi kowa haɗuwa da sinadarin, kullum hannunsu cikinsa. Safar hannu ta naitiril suke sawa wajen gaurayawa da shafawa da wankewa, sabuwa kowane aiki, ba a juya ta a sake sawa. Idan akwai aski ko datsa, a yi shi kafin rini. Wadda na ga tsakanin yatsunta ya fara tsagewa da ƙaiƙayi, ina ɗauke ta daga teburin dayis in mayar da ita kitso har likita ya duba ta.