Inda na kai da labarin Malama mai wasan kalmomi

'Yan'uwa masu koyon rubutu, mako uku ke nan ina kan gajeren labarin nan, yanzu ina gyara na uku. Ga wanda bai ga na baya ba: wata malamar firamare ce a Tudun Wadan Zariya, ta yi ritaya bayan shekara 35 a aji. Kullum bayan la'asar sai ta ɗauki guntun alli ta rubuta wasa ƙwaƙwalwa a jikin ƙyauren gidanta, yaran layi su taru su warware.

A rubutun farko na yi ha'inci ban sani ba. Na ce "Malama ta kawo musu wani wasa mai wuya, suka yi ta tunani," na wuce. Da na sake karantawa sai na ga babu wasan, babu wuyar, maganata ce kawai. Idan jarumarka mai ƙirƙirar wasa ce, dole mai karatu ya ga wasan da idonsa, ya tsaya ya gwada kafin yaran su amsa. Na fara cusa kacici-kacicin da muka gada, irin su "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya," amma kowane yaro ya san tsintsiya ce, kuma ba Malama ta ƙirƙira ba. Sai na cire, na bar mata al'ada ɗaya kawai: wanda ya kasa, sai ya ba ta gari.

Abin da na zaɓa mata shi ne juya gaɓoɓi. A ɗauki kalma mai gaɓa biyu, a sa ta ƙarshe a gaba, a sami wata kalmar. Rago ya koma gora, riga ta koma gari. Na zauna da littafi dare biyu ina juya kalmomi, yawancinsu ba sa haifar da komai: doki ya ba ni "kido", ruwa ya ba ni "waru". Kada ku raina wannan aikin, ya fi rubuta shafi biyar cin lokaci.

Ga wanda na sa a tsakiyar labarin da farko: "Na sa ta a jikina ranar sallah, na juya ta, na shiga cikinsa da mota." Riga, gari. A takarda ya yi daidai. Ranar Asabar na gwada shi a kan 'ya'yan yayata. Babban ya rubuta a ƙasa da tsinke, ya ce ya gane. Ƙaramar kuwa, wadda ba ta gama iya karatu ba, ta yi ta maimaitawa a bakinta, "rii-gaa, gaa-rii," sannan ta ɗago ta ce, "Goggo, ai wannan garin tuwo ne, ba garin shiga ba."

Gaskiyarta. Rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali, shi ya sa garin da ake zama da garin da ake tuƙawa suke fitowa iri ɗaya a takarda. A baki kuwa, "ga" ɗin garin zama gajere ne, na garin tuwo dogo. Riga dogayen wasula biyu gare ta, don haka idan ka juya ta, garin tuwo za ta ba ka. Na mayar da wasan: "Na sa ta a jikina ranar sallah, na juya ta, na tuƙa tuwo da shi." Tun daga nan duk wasan da na haɗa sai na faɗe shi da ƙarfi sau uku kafin ya shiga labarin.

Abin da ya fi faranta mini rai, kuskuren nan shi ya ba ni abin da labarin ya rasa. A da ba abin da ke faruwa, yara suna zuwa suna tafiya kawai. Yanzu Malama ce ke yin kuskuren da na yi. Wata yarinya mai tallar gyaɗa, da kullum take tsayawa daga nesa don ba ta iya karanta abin da ke jikin ƙyaure ba, ita ke gyara mata daga bayan taro, da faranti a kanta. Malama ta yi shiru, ta goge layin da gefen mayafinta, ta ce, "Yau ni na ba ki gari."

Saura wurin da ke ba ni wahala. Na rubuta sakin layi biyu inda Malama ke tuna ɗaliban da ta yi wa jan biro a kan rubutu ba ta taɓa sauraron bakinsu ba, kuma ina jin sun yi wa'azi da yawa. Wannan makon zan gwada yanke su, in bar ta kawai tana miƙa wa yarinyar allin. Ina kuma neman wasa ɗaya na harafi mai ƙugiya, tsakanin kafa da ƙafa ko bata da ɓata, wanda yaro ɗan shekara takwas zai iya warwarewa a tsaye. Wanda ya haɗa mai kyau, ya fara gwada shi a kan yaro kafin ya kawo mini.